Ba kowane farin ɗigo a hoton fatar ido ne amosani ba

An daɗe ana ɗauka cewa da an juya fatar idon yaro ta sama, aka ga fararen ɗigo a hoto, to amosanin ido ne. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya bai ce haka ba. Sai ƙurajen sun kai 5, kowanne faɗinsa aƙalla rabin milimita, kuma a tsakiyar fatar, kafin a rubuta TF, wato matakin amosanin ido mai ƙuraje.

Ɗauki misalin hoto mai ɗigo 7. Biyu suna can kusurwa, inda ko yaro mai lafiya yakan samu, ba a ƙirga su. Ɗaya yana ƙyalli da kaifin gefe, walƙiyar kyamara ce a kan hawaye. Saura 4, don haka ba TF ba ne. Wannan ƙirge yana da nauyi, domin idan kashi 5 cikin ɗari na yara 'yan shekara 1 zuwa 9 suka nuna TF, gundumar gaba ɗaya ake raba wa magani.

Tabon da amosani ke bari kuwa fararen layuka ne kamar zare. Gashin ido mai shiga ciki ba ya bayyana a fatar da aka juya, sai an ɗauki hoton kafin juyawa, a kuma duba gurbin gashin da aka tsige.