Amincewa da Karɓa a Biyan Kuɗi da Katin Banki

Biyan kuɗi da kati yakan bi matakai biyu. Na farko shi ne amincewa, inda bankin mai kati yake tabbatar da cewa katin lafiyayye ne, kuɗin kuma sun isa, sai ya riƙe adadin da aka nema. Na biyu shi ne karɓa, inda mai sayarwa yake aika buƙatar a biya shi, kuɗin su bar asusun. Tsakanin biyun ne ake ganin cirar da manhajar banki take rubuta wa `Pending`, wadda kan ɓace bayan 'yan kwanaki.

Da zarar an sa kati, saƙo yana tashi zuwa bankin mai sayarwa, ya ratsa ta Verve ko Visa ko Mastercard, ya isa bankin mai kati, amsa ta dawo cikin 'yan daƙiƙoƙi. Saƙonnin suna bin tsarin ISO 8583, amsar kuwa lamba ce: `00` an amince, `51` kuɗi ba su isa ba, `55` lambar sirri ba daidai ba, `91` ba a samu bankin mai kati ba. Ko da an amince, ko kwabo bai shiga hannun mai sayarwa ba tukuna. Banki ya rage abin da mai asusu zai iya taɓawa ne kawai, wato `Available Balance`, alhali `Ledger Balance`, jimillar da ke rubuce a littafin banki, tana nan yadda take.

A ɗauki ɗan kasuwar Gusau mai naira 120,000 a asusu, wanda ya kama ɗakin otal a Abuja da katinsa. Otal ya nemi amincewar 50,000, kuɗin kwana biyu da ɗan ƙari saboda abinci. Nan take abin da zai iya kashewa ya koma 70,000. Ranar tafiya lissafinsa ya tsaya a 42,000, otal ya aika karɓar wannan adadin. Idan komai ya tafi daidai, banki zai haɗa karɓar da amincewar farko, ya cire 42,000, ya saki 8,000, asusun ya tsaya a 78,000.

Sau da yawa ba haka take kasancewa ba. Idan mai karɓar kuɗi a otal ya sake sa katin a matsayin sabon ciniki bai soke na farko ba, banki ba shi da hanyar gane cewa abu ɗaya ne. Sai a cire 42,000 ga kuma 50,000 a riƙe, mutum ya ga saura 28,000 ya ɗauka an cire masa sau biyu. Waɗannan 50,000 ɗin ba su je ko'ina ba. Za su dawo idan otal ya aika saƙon sokewa, ko wa'adin riƙon ya cika. Wa'adin yakan kai kamar kwana 7 a sayayya ta yau da kullum, a otal da hayar mota kuwa har kwana 30. Shi ya sa galibi ba a ganin layin shigar kuɗi a takardar bayanin asusu: riƙo aka ɗage, ba biya aka yi ba. Mayar da kuɗi bayan karɓa wani ciniki ne daban mai layinsa, kuma ya fi jan lokaci.

Ɓacewar riƙo ba ta nufin an yafe bashin. Mai sayarwa zai iya makara ya aiko da karɓa bayan wa'adi, banki kuma ya cire. Wanda ya karɓi kaya ya ga kuɗinsa sun dawo, gara ya bar su a asusun.

Abin da ake yawan gani wurin masu POS a kasuwar Birnin Kebbi ko Ƙauran Namoda kama ce kawai, ba hali ɗaya ba. Yawancin cinikin da ake sa lambar sirri a na'ura a Najeriya saƙo ɗaya ne, amincewa da cira a haɗe. Idan sabis ya yanke bayan banki ya cire amma amsa ba ta iso na'urar ba, rasit zai fito da `Declined` ga kuma alat ya shigo waya. Nan kuɗi sun fita da gaske, sai saƙon juyarwa ya dawo da su, a ga `Reversal` a asusun. A shekarar 2020 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su warware irin wannan cikin awa 72.

Ana bambance su ta duba jimillar littafi: idan ba ta ragu ba, riƙo ne, idan ta ragu, cira ce. Mai kai ƙorafi banki ya riƙe rasit, domin lambar `RRN` mai gurbi 12 da ke jikinsa, tare da rana da adadin kuɗin, da su ma'aikaci yake nemo cinikin.