Ma'anar sauya zon a UTM: idan wurin aiki ya hau kan layin digiri 6

Mai aikin taswira a Yamai zai iya shekaru bai damu da maganar zon ba, domin birnin da kewayensa suna zaune daram cikin zon 31. A jihar Tawa abin ba haka yake ba. Layin lonjitud na digiri 6 gabas ya ratsa jihar daga kudu zuwa arewa, ya bar Tawa da Keita da Madawa a yamma cikin zon 31, Buza da Abalak kuma a gabas cikin zon 32. Duk wanda aka ba aikin ƙirga rijiyoyi ko auna gonaki tsakanin Madawa da Buza sai ya ci karo da wannan layi.

Tsarin UTM ya yanka duniya gida 60, kowane yanki faɗinsa digiri 6, shi ne zon. Kowane zon yana da layin tsakiyarsa, kuma daga nan yake fara nasa lissafin. Tsakiyar zon 31 tana kan digiri 3, ta zon 32 tana kan digiri 9, kowace an ba ta lambar gabas mita 500,000. Ke nan lambar gabas, wato E, da GPS ke nunawa tana faɗin nisan wuri ne daga tsakiyar zon ɗinsa kawai. In aka raba ta da lambar zon, ba ta nuna ko'ina.

Mu ɗauki rijiya ɗaya da ta zauna daidai kan digiri 6 gabas, latitud 14°30′ arewa. Tana gabas da tsakiyar zon 31 da kimanin mita 323,390, don haka a can E ɗinta 823,390 ne. Tana kuma yamma da tsakiyar zon 32 da wannan nisan, sai E ya zama 176,610. N ɗinta, wato lambar arewa, a duka biyun kimanin 1,605,150 ne. Rijiya ɗaya ce, amma lambobinta biyu sun yi hannun riga da kusan kilomita 647. GPS na hannu kuwa da kansa yake sauya zon. Yaro yana tafiya a kan babur, allo na nuna `31P`, da ya tsallaka layin sai ya koma `32P`, shi kuma E da N kaɗai yake kwafa a takarda. Idan aka zuba wannan takarda a QGIS aka ce duka zon 31 ne, rijiyoyin Buza za su ja da baya digiri 6 cif, su sauka ƙasar Burkina Faso, arewa da Dori. Gonar da layin ya ratsa ta tsakiya kuma za ta fito da wani dogon tsini mai tafiya har can.

Sauya zon shi ne a mayar da E da N zuwa latitud da lonjitud da lissafin zon da aka auna su, sannan a sake fitar da su da lissafin zon da ake so. Tsani biyu ke nan, kuma na'ura ce ke hawansu. A datum na WGS 84, wato tushen awon da GPS ke aiki da shi, zon 31 na arewa shi ne `EPSG:32631`, zon 32 kuma `EPSG:32632`.

```
echo 176610 1605150 | cs2cs EPSG:32632 EPSG:32631
ogr2ogr -s_srs EPSG:32632 -t_srs EPSG:32631 buza_31.gpkg buza_32.shp
```

Layin farko zai mayar da kusan 823,390 da 1,605,150, na biyu kuma ya sauya fayil ɗin gaba ɗaya. Kafin a yi shi dole a ware layukan takardar gida biyu, na zon 31 daban, na zon 32 daban, a sauya kashi ɗaya, sannan a haɗa. A yankin nan warewar ba ta da wuya: E mai farawa da dubu ɗari bakwai ko takwas na zon 31 ne, mai dubu ɗari da saba'in da wani abu zuwa dubu ɗari biyu da wani abu na zon 32 ne. A kuma kula da `-a_srs`, wanda ke sauya sunan zon kawai ya bar lambobin yadda suke. Amfaninsa gyara fayil da aka laƙaba wa zon da ba nasa ba. Wanda ya yi amfani da shi a madadin `-t_srs` shi ma Burkina zai kai rijiyoyinsa.

Akwai wata dabara da ke yawo, wai a ƙara 646,780 a kan kowane E na zon 32 a Excel a huta. Ga rijiyar misalinmu daidai take fitowa, shi ya sa take ruɗin mutane. Matsalar ita ce layukan zon biyun ba su kallon arewa ɗaya. A bakin iyakar, a wannan latitud, arewar zon 31 ta kauce wa arewa ta gaskiya da kimanin digiri 0.75 ta gefe ɗaya, ta zon 32 ta kauce da irin wannan ta ɗaya gefen. Tsakaninsu akwai karkata ta digiri ɗaya da rabi. Rijiyar da ke kilomita 10 daga wurin da aka samo lambar ƙarin za ta goce da kusan mita 260, mai kilomita 20 ta wuce mita 500. Wannan kuskure ya fi na farko sharri a ganina, domin wancan kowa zai gan shi, wannan kuwa taswira za ta fito tsaf, alhali rijiyar tana cikin gonar wani.

To wane zon za a ɗauka? Wanda ya ƙunshi mafi yawan wurin aikin, sai dai in hukumar da za ta karɓi aikin ta riga ta tsayar da nata. Ba laifi ba ne E ya wuce 823,390 a zon 31, lissafin ba ya tsayawa a bakin layi. Abin da ke ƙaruwa shi ne miƙewar awo. A tsakiyar zon, kilomita ɗaya yana fitowa da ragin santimita 40, wato ma'aunin 0.9996. A bakin iyaka, nan jihar Tawa, yana fitowa da ƙarin kimanin santimita 90. In aka ja zon 31 har digiri 6 da rabi ƙarin ya kai kusan mita 1.4, a digiri 7 kuma kusan mita 1.9. A faɗin fili ƙarin ninki biyu yake yi, don haka gandun hekta 100 a digiri 6 da rabi zai fito da rarar kusan kwata ɗin hekta. Ga ƙirgar rijiyoyi ko taswirar burtali wannan ba komai ba ne. Ga awon filaye na takardar mallaka kuwa sai an raba tsawon da ma'aunin wurin kafin a rubuta. Aikin da ya miƙe daga Tawa har Damagaram ya fi ƙarfin zon 31, gara a tsara masa nasa layin tsakiya.

Bayan an sauya, a gwada da abin da aka sani. A ɗauki rijiya ɗaya kusa da iyaka, a karanta ta a digiri a kuma karanta ta a UTM, a duba ko bayan sauyawar sun faɗa wuri ɗaya. A ɗora sakamakon kan hoton tauraron ɗan Adam, a ga ko hanyar Madawa zuwa Buza ta haɗe a bakin layin ba tare da ta karye ba. Idan duka wuraren sun goce gefe ɗaya da nisa iri ɗaya, mita gommai ko ɗari da wani abu, a daina zargin zon, a duba datum: tsofaffin taswirorin IGN, hukumar taswirar Faransa, an yi su ne a kan Clarke 1880, kuma lambobin da aka kwafo daga cikinsu suna buƙatar nasu sauyin kafin su haɗu da na GPS. Ga masu fita daji kuma, a ƙara musu gurbin zon a takardar cikewa, ko a saita musu GPS ya riƙa ba da digiri mai lamba biyar bayan ɗigo, wanda ya kai daidaiton kusan mita ɗaya, a bar sauyawar sai an dawo biro.