Rundunar Sojojin Yumɓu ta Qin Shi Huang

Rundunar sojojin yumɓu tarin gumaka ne na gasasshen yumɓu, masu tsayin mutum, da aka binne a Lintong, kusa da birnin Xi'an na lardin Shaanxi a ƙasar Sin. A watan Maris na 1974 ne wasu manoma masu haƙa rijiya suka tono ɓaraguzansu, kimanin kilomita ɗaya da rabi gabas da kabarin Qin Shi Huang, sarkin da ya haɗe ƙasar Sin a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa. An ƙiyasta cewa ramuka uku na ɗauke da sojoji kusan 8,000, ban da dawakai da karusai.

Ba a sassaƙa kowane gunki daga dunƙule guda ba. Magina sun fara da dakali da ƙafafu masu nauyi, sannan suka riƙa ɗora murɗaɗɗen yumɓu zagaye bisa zagaye, kamar yadda ake ginin randa, har gangar jiki ta tashi da rami a cikinta. Ramin yana rage nauyi, yana kuma sa wuta ta ratsa yumɓun bai ɗaya, domin yumɓu mai kauri yakan tsage idan danshi ya maƙale a cikinsa. Kai da hannaye dabam aka yi su, akasari ta hanyar zuba yumɓu a mazubi mai siffarsu, daga baya aka dasa. Bambancin fuskokin da ke ba masu kallo mamaki ya samo asali ne daga aikin ƙarshe, inda aka shafa lallausan yumɓu a kan fuskar da aka zuba, aka fitar da gashin baki, da gira, da kitso da hannu. Bayan gashi a wuta mai zafin kusan digiri 1,000, an shafe gunkin da ƙaron wata bishiya, aka bi shi da launuka. Wannan ƙaro ne matsalar masu tono a yau, domin da zarar ya sha busasshiyar iska sai ya nannaɗe ya ɓare tare da launin cikin 'yan mintoci.

A jikin gumaka da dama akwai hatimi ko sunan shugaban magina, saboda dokar Qin, daular sarkin, ta tanadi hukunci ga wanda aikinsa ya yi aibi.

Dalilin sarkin na sa a yi gumakan kuwa yana da nasaba da imanin zamaninsa cewa mamaci na ci gaba da rayuwa a ƙarƙashin ƙasa, da buƙatu irin na duniya. Shi da ya tsallake yunƙurin kisa, har da na wani mai suna Jing Ke a shekara ta 227 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kuma aika jakadu neman maganin hana mutuwa, ya so fada cikakkiya a can, shi ya sa aka samu gumakan ma'aikatan fada da 'yan wasa a wasu ramukan. Sojojin sun riƙe makaman tagulla na gaske, kuma sahun babban ramin yana fuskantar gabas, inda dauloli shida da ya ci da yaƙi suke, abin da masana da yawa ke ɗauka a matsayin tsaron kabarin daga tsofaffin abokan gaba. Sarkin ya rasu a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma an bar rami na huɗu babu komai a cikinsa, wataƙila saboda tawayen da ya ɓarke shekara guda bayan rasuwarsa.