Kai-komon nauyi a kan sifirin

Idan aka ɗaura wani abu mai nauyi a bakin sifirin, aka ja shi kaɗan daga inda yake zaune sannan aka sake shi, zai shiga kai-komo a tsakanin iyakoki biyu. A kimiyyar lissafin motsi ana kiran wannan sassauƙan motsi mai maimaituwa, kuma tushensa dokar da Robert Hooke ya wallafa a 1678: ƙarfin da sifirin ke mayar da abu da shi yana ƙaruwa daidai gwargwadon nisan da aka ja shi, wato F = −kx, inda k ke nuna taurin sifirin, x kuma nisa daga mazauni. Dokar tana aiki ne muddin ba a ja sifirin har ya saki ba.

Lokacin da abin ke ɗauka ya je ya dawo sau ɗaya shi ne T = 2π√(m/k), inda m ke nuna nauyin abin. Abin lura, nisan jan ba ya cikin wannan lissafi. Ko an ja da yawa ko kaɗan, lokacin bai canzawa, domin ƙarin tafiya yana zuwa tare da ƙarin ƙarfin da ke hanzarta abin. Nauyin rabin kilogiram a kan sifirin mai taurin nuton 50 a kowace mita yana kammala zagaye cikin kimanin daƙiƙa 0.63, kuma sai an ninka nauyin sau huɗu kafin lokacin ya ninka sau biyu.

A iyakar tafiya abin yakan tsaya cak na ɗan ƙiftawar ido, makamashin duka yana ajiye a cikin sifirin, adadinsa ½kA², inda A ke nufin nisa mafi girma daga mazauni. A tsakiya kuwa sifirin ba ya ja, ba ya turawa, makamashin ya koma na gudu. Idan an ja nauyin nan santimita 4 a kan shimfiɗa mai santsi, makamashin jul 0.04 ne, kuma zai ratsa tsakiya da gudun mita 0.4 a daƙiƙa.

Zanen nisa a kan lokaci yakan fito kamar igiyar ruwa, kuma a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ana auna A ne daga layin tsakiya zuwa ƙololuwa, ba daga ƙololuwa zuwa kwari ba. A ce ma'auni ya nuna ƙololuwa a santimita 14, kwari a santimita 6: mazauni yana kan 10, A kuma 4 ne, rabin tazarar. Wanda ya rubuta 8 ya ninka, kuma da yake makamashi yana bin A², amsarsa za ta ninka ta gaskiya sau huɗu. Wanda ya rubuta 14 ya manta cewa sifilin ma'aunin ba a mazauni yake ba. Lokacin zagaye kuwa tazara ce daga ƙololuwa zuwa mai bi mata. A gwajin zahiri ƙololuwar tana raguwa sannu a hankali saboda iska da gogayya suna cin makamashin, amma tazarar lokacin kusan tana nan yadda take.