ATM Ya Ƙi Ba Da Kuɗi, An Kuma Cire A Asusu: Kuɗin Bai Tafi Ba

Har yau a Kaduna akwai masu cewa idan ATM ya cire kuɗi a asusunka bai ba ka ba, shi ke nan an cinye, ko kuma bankin da ya mallaki na'urar za ka je ka nema. Duka biyun kuskure ne.

A ce Malam Sani ya saka katinsa a ATM ɗin wani banki a titin Ahmadu Bello, ya nemi naira 20,000. Na'ura ta yi ƙara, ba ta fitar da ko sisi ba, sai ga saƙon cire kuɗi. Abin da ya faru shi ne bankinsa ya amince ya cire, amma kuɗin ya maƙale ko sadarwa ta yanke. Na'urar tana rubuta kowace mu'amala, kuma idan aka ƙirga kuɗin cikinta za a ga rarar 20,000 ɗin nan.

Umarnin Babban Bankin Najeriya na 2020 ya ce idan ATM ɗin bankinka ne, a mayar nan take, in hakan ya gagara kada ya wuce awa 24. Idan na wani banki ne, awa 48.

Saboda haka bankin da ya ba Malam Sani kati zai je, shi ne zai bi masa haƙƙinsa wurin ɗayan. Ya tafi da saƙon, da rana da lokaci da wurin na'urar, ya cike fom, kuma don Allah kada ya fito ba tare da lambar ƙorafi ba. Idan an ja masa rai, da wannan lambar zai kai kuka sashen kare haƙƙin masu mu'amala na Babban Banki.