Ba Kowace Kwamfuta Ake Ƙara Wa RAM Ba

Mutane da yawa na sayen kwamfutar tafi-da-gidanka mai RAM 8 GB da niyyar ƙarawa nan gaba. Wannan lissafin ya dace da tsofaffin na'urori. A yau, in ka ga an rubuta LPDDR4 ko LPDDR5 a matsayin nau'in RAM a bayanin kwamfutar, kusan kullum RAM ɗin a liƙe yake da dalma a jikin babban allon da ke cikin kwamfutar, wato motherboard, ba ya cirewa. Kwamfuta mai ramin saka RAM da ake kira SO-DIMM ce ake zare wa RAM a zura wani babba.

Ma'ajiyar fayiloli nau'in M.2 galibi tana sauyuwa, sukuru ɗaya tak ke riƙe ta. Furosesa kuwa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, an daɗe da liƙe ta. Duba wannan tun kafin ka biya kuɗi, don Allah.