Me ya sa kwandon lita 55 ba ya cin lemu kilo 55?

Mai ɗauko lemu daga Binuwai zuwa kasuwar 'Yan Lemo a Kano, idan ya sauya buhu da kwandon roba, zai ga kwandon ba ya cin kaya yadda girmansa ya nuna. Ba laifin kwando ba ne. Lemu mulmulalle ne, duk yadda aka jera shi sai an bar rami a tsakani, kuma ramukan nan sukan cinye kusan rabin kwandon.

Mu ɗauki kwando mai tsawon santimita 56 daga ciki, faɗi 35, zurfi 28. Cikinsa lita 55 ke nan. Lemu mai kauri santimita 7 yana cin wurin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na lita ba, don haka a lissafin takarda sai a ce kimanin 305 za su shiga. Amma idan aka jera shi sahu-sahu, kowane lemu a kan ɗan'uwansa daidai, 8 ne a tsawo, 5 a faɗi, hawa 4, wato 160 kacal. Lemun ya cika kashi 52 cikin ɗari, sauran kashi 48 iska ce.

Akwai jeri mafi kyau. A shimfiɗa 40 a ƙasa, sannan a ɗora hawa na biyu a cikin kwarmin da ke tsakanin kowane lemu huɗu. Wannan hawan zai ci 28 ne kawai, amma da yake ya nutsa cikin na ƙasa, tsayin da ya ƙara bai kai santimita 5 ba. Ta haka hawa 5 ke shiga maimakon 4: 40, 28, 40, 28, 40, jimilla 176, kuma akwai sauran santimita ɗaya da ɗan abu a sama. Ramin ya sauko zuwa kashi 42. Idan kowane lemu ya kai giram 165, kwandon yana ɗauke da kilo 29, kuma da wannan adadin ya kamata a yi lissafin mota da na ciniki.

Masana lissafi sun tabbatar cewa ƙwallaye masu girma ɗaya ba sa taɓa cika fiye da kashi 74 na wuri, komai ƙwarewar mai jeri. A kwando ko kusa da haka ba a zuwa, domin jikin kwandon miƙaƙƙe ne, lemun gefe ba shi da kwarmin da zai faɗa. Ƙaramin kwando da manyan lemu, asarar gefen ta fi yawa.

Abin da mai saye ya kamata ya riƙe shi ne, ƙananan lemu ba sa toshe ramin. A wannan kwandon, lemu mai kauri santimita 5.6 yana shiga 300 a jerin sahu-sahu, amma ramin yana nan wajen rabi, nauyin kuma kusan ɗaya ne da na manya 160. Ƙidaya ce ta canza, ba kilo ba. Sai an gauraya manya da ƙanana ne ramin ke raguwa, kuma ba na ba da shawarar hakan, domin ta ramukan nan iska ke bi. Lemu yana numfashi bayan an tsinke shi, yana fitar da zafi da gumi. In aka toshe hanya, tsakiyar kwandon ke ɗumama, fumfuna ya kama wanda ya ji rauni, ya bi na kusa da shi.

Ɓarna mafi yawa tana zuwa ne daga cika kwando ya yi tozo don a rama abin da rami ya ci. An ƙera kwandon roba ne yadda nauyin na sama zai sauka a kan bakin na ƙasa. Da zarar lemu ya ɗara baki, shi ke ɗaukar nauyin. Za a gane haka a wurin sauke kaya: na sama ya baje ta gefe ɗaya, wasu sun tsage, kuma bayan kwana biyu ko uku sai tabo mai ruwan ƙasa ya fito inda man ɓawon ya fashe ya ƙona fatar. Juye lemu haka kawai shi ma yana da tasa matsalar, domin girgizar hanya za ta sa ya zauna, na sama ya samu wurin birgima yana gogar juna. In ba za a jera da hannu ba, a ɗan jijjiga kwandon a hankali idan ya kai rabi, a sake in ya kusa cika, a kuma tsaya yatsa ɗaya ƙasa da baki.

Mai son auna ramin lemunsa ya cika bokitin lita 20 da lemu daidai baki, ya danne da faranti don lemu yana tasowa a ruwa, ya riƙa zuba ruwa da robar lita ɗaya har ya kai baki. In ya sha lita 9, ramin kashi 45 ne. A shanya lemun a inuwa ya bushe sarai kafin a mayar da shi kwando.